Jawabin Shugaban Gama-Kai a Kakuri Kan Sayen Gwal

'Yan'uwa, kun ce mu mai da ajiyarmu gwal tunda darajar naira ta faɗi a 2023. To, mu yi lissafi. A ce sarƙa ta naira miliyan ɗaya, dubu 150 a ciki ladan maƙeri ne. Ran sayarwa nauyi kawai za a auna, ladan nan ya tafi. Gwal kuma yana faɗuwa: oza ta kai dala 850 a 1980, ta dawo ƙasa da 260 a 1999. In muka kulle kuɗinmu, da me za mu ranta wa mai neman kuɗin makarantar yara? Shawarata, a bar asusun rance. Mai rara ya saya, a auna a gabansa, a rubuta nauyi da karat a rasit.