Giyabos mai bel da giyabos mai haƙori: inda suka rabu



Injin mota yana da iyakar juyin da yake jin daɗin aiki a cikinsa, ita kuwa taya tana bukatar ƙarfi wajen tashi, da gudu a kan babbar hanya. Aikin giyabos shi ne sasanta su biyun. Yau zan tsaya a kan hanyoyi biyu na wannan sasanci a motocin otomatik.

Otomatik ɗin da muka saba da shi, wanda kamfanin General Motors ya fara bazawa a motocin Oldsmobile na 1940, haƙoran ƙarfe ne ke ɗaukar nauyinsa. Matsin mai ne ke kama wani kulochi ya saki wani, giya ta canza. Mu ɗauki Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai giya huɗu. A giya ɗaya inji yana juyawa kusan sau 2.85 kafin sandar da ke fita daga giyabos ta juya sau ɗaya, a giya biyu kuwa sau 1.55. Idan inji yana juyi 3,000 a minti aka shiga giya biyu, nan take zai faɗo kusan 1,630. Wannan faɗuwa ita ce 'yar girgizar da direba ke ji.

Giyabos mai bel kuwa, wato CVT, ba shi da waɗannan matakai. A cikinsa akwai fuli biyu, ɗaya na ɓangaren inji, ɗaya na ɓangaren taya. Kowane fuli rabi biyu ne masu siffar mazurari, tsininsu na fuskantar juna, bel yana zaune a kwarin da ke tsakaninsu. In mai ya matse rabin biyu, bel ya hau sama ya zagaya faɗi. In suka buɗe, ya nutse ya zagaya ƙunci. Da yake tsawon bel ba ya canzawa, duk lokacin da fuli ɗaya ya matse, ɗayan buɗewa yake.

Ga lissafi. A ce wajen tashi bel yana nesa da tsakiyar fulin inji da santimita 3, a fulin taya kuwa 7.5. Inji na juyi 2,000, fulin taya zai yi 800: ƙarfi da yawa, gudu kaɗan. A hankali ma'aunin ya juye, 7.5 a inji, 3 a taya. Injin yana nan a 2,000 ɗinsa, amma fulin taya ya kai 5,000. Mota ta ninka gudunta fiye da sau shida, ƙarar inji ba ta motsa ba. Nan sauƙin shan fetur yake fitowa, kuma nan ne mutum zai taka totur ya ji inji ya riƙe murya ɗaya, ya ce giyarsa ta mutu, alhali lafiyarta lau.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Hub van Doorne na ƙasar Holan ya sa ta a motar DAF 600 a 1958, da bel na roba. Na yau ɗaruruwan 'yan faranti ne na ƙarfe, jere a kan zobban ƙarfe, kuma tura juna suke yi daga fuli zuwa fuli.

To, jama'a, ga abin da nake so ku riƙe. Haƙori yana kama haƙori ko da mai ya ɗan tsufa. Bel kuwa ba abin da ke riƙe shi sai matsi da gogayya. In mai ya yi zafi ya tsinke, ko an zuba wanda ba nasa ba, bel zai zame, ya karce fuskar fuli, garin ƙarfen ya bi mai ya toshe hanyoyinsa. Karce kuma ba ya warkewa. Alamar ita ce karkarwa wajen tashi, da kuka siriri, da allurar juyin inji tana hawa da sauka alhali ƙafa ba ta motsa ba. Wani lokaci mota ta ƙi ja bayan doguwar tafiya: na'urarta ce ta rage ƙarfi saboda zafi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin motocin gwanjo da ke shigowa yanzu da yawansu CVT ne: Altima daga 2007, Accord mai silinda huɗu daga 2013, yawancin Corolla ta Amurka daga 2014. Ga zafin Sakkwato da Maiduguri, ga lodi fiye da kima, ga rairayi da ake ta taka wuta a fita daga ciki. Mai jan kaya a irin wannan hanya, a ganina giyabos mai haƙori ya fi masa. Mai zirga-zirgar gari kuwa CVT zai rage masa kuɗin fetur.

Roƙona ga makanikai, ku duba takardar mota kafin ku buɗe galan. Nissan tana son NS-2 ko NS-3 gwargwadon shekararta, Accord ɗin nan tana son HCF-2. Kada ku zuba ATF don kawai shi ne a kusa. Ku kuma masu mota, in kun ji karkarwa, ku kai ta gareji a makon nan.