Masassarar da ta wuce kwana uku: jawabi a taron reshen ƙungiyar malamai na Tambuwal

Shugaban reshe, iyayenmu malamai, 'yan uwa daga Tambuwal da Kebbe, barkanmu da haɗuwa.

Mun saba, da zarar masassara ta kwana biyu sai mu ce "maleriya da taifot ne", mu sayo magungunan duka biyun a kemis. Wannan al'ada tana cin albashinmu, wani lokaci ma ta ci rai.

A daminar da ta wuce, ɗiyar ɗaya daga cikinmu, 'yar aji biyar, ta kwanta da zazzaɓi da ciwon jiki. Mun ga ba ta rawar sanyi, ba ta yin gumin da ke sauko da zafin jiki, kamar yadda maleriya ta kan yi. Zafin nata kullum ƙaruwa yake yi, na yau ya fi na jiya, ga ciwon kai, ga ciwon ciki, ga rashin bayan gida. Wannan ya fi kama da taifot, wanda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa ko abinci. Amma alamu kaɗai ba su yanke hukunci, domin cututtukan biyu suna kama da juna.

Gwaji ne ke raba gardama. Na maleriya, wato RDT, ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin minti 15 zuwa 20. Idan ya nuna akwai, maganin da aka fi bayarwa ana shan sa sau 6 cikin kwana 3, tare da abinci mai maiƙo ko madara. Idan an kammala shi daidai amma zazzaɓi bai sauka ba, asibiti za a koma, ba kemis ba. Mu sani kuma, RDT kan ci gaba da nuna maleriya makonni bayan an warke. Abin da ya ruɗe mu ke nan: yarinyar ta yi maleriya makonni biyu kafin nan, muka sake ba ta magani, muka yi asarar kwana 4.

Gwajin Widal kuwa, wanda muke dogara da shi, yakan nuna taifot ga wanda ba ya da shi, har ga mai maleriya. Wanda ya fi tabbaci shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar na 'yan kwanaki, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Yarinyar ta warke bayan likita ya duba ta, ta kuma shanye maganin taifot har ƙarshe.

Taifot da aka yi wa sakaci kan huda hanji wajen mako na uku. Saboda haka ciki mai tauri da tsananin ciwo, baƙin bayan gida, jijjiga ko ruɗewa, ba sa jiran wayewar gari. Mu rubuta ranar da zazzaɓi ya fara kamar yadda muke kiran suna a aji, mu kai wa likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.