Jawabin Shugabar Mata: Anko ko Sunayen Wakilai, Wanne Za Mu Fara?

 

Maganata ta yau da shugabannin mata na mazaɓu nake, amma kowa ta saurara, domin gobe ke ma ana iya ɗora miki aiki.

A ce ranar Laraba an turo miki saƙo biyu daga ofis. Na farko, a raba atamfar anko a kai ɗinki, saboda gangamin ranar Asabar. Na biyu, ki kawo sunayen matan da za su tsaya mana wakilai a rumfunan zaɓe, an ba ki kwana 10. Yawancinmu anko za mu fara. Ba laifinmu ba ne, shi ne ke da hayaniya: waya na ta ƙara, kowa na tambayar ina nata turmin. Takardar wakilai kuwa tana cikin jaka, shiru, ba mai tambayarta.

To, kafin ki ɗaga ƙafa, tambayi kanki: in na makara a wannan aikin, wa zai buɗe mini ƙofa? In anko bai samu ba, mata za su zo da hijabansu, a yi taro a watse, iyakaci a yi ɗan ƙorafi. Amma sunayen wakilai wa'adin hukumar zaɓe ne, ba na shugaban jam'iyya ba, balle ki roƙe shi ya ɗaga miki ƙafa. Ku tuna zaɓen 2023. An yi na shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, amma jadawalin INEC ya sa 30 ga Disamba 2022 a matsayin ranar ƙarshe ta miƙa sunayen wakilai, kusan wata biyu kafin zaɓe. Rumfar da ba a shigar da wakilinmu ba, ba mu da wanda zai sa hannu a takardar sakamako, ba mu da wanda zai karɓo mana kwafi.

Sai abu na biyu, wanda a ganina ya fi ruɗar mutane. Kwana 10 ɗin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Ki ƙirga daga ƙarshe ki dawo baya. Sakataren ƙaramar hukuma zai tattara na duk mazaɓu, a kai wa masu shigarwa a kwamfuta, ki cire musu kwana 3. In aka dawo da fom saboda hoto bai fita ba, ko sunan da aka rubuta ya saɓa da na katin zaɓe, gyara zai ci kwana 2. Saura 5. A ce mazaɓarki na da rumfuna 20, an ce ki kawo mata 10. Kowacce sai ta nemi izinin maigidanta, wani ma yana tafiya sai ya dawo. Sai ta je ta ɗauki hoton fasfo, ta nemo katinta, ta sa hannu. Wata za ta amsa yau, jibi ta aiko cewa an hana ta, ki koma neman wata. Kin ga ke nan aikin da kike ganin yana da nisa, yau ɗin nan ya kamata a fara shi.

Ba cewa nake a watsar da anko ba, a'a. Ku raba aikin bisa wanda ke bukatar fuskarki da wanda ba ya bukata. Zuwa gidan mutum neman izinin matarsa, wannan ke ce da kanki, ko ki tafi da wata dattijuwa da ake jin nauyinta. Ba a aika yarinya. Rabon atamfa kuwa mataimakiyarki da ma'aji za su iya, ki ba su jerin sunaye, duk wadda ta karɓa ta sa hannu ko ta dangwala. Ga yadda zan tsara in ni ce: Laraba da hantsi, minti talatin, in miƙa musu atamfa da littafi. Daga la'asar in shiga gidaje. Alhamis hotuna da katuna. Juma'a bayan an sauko daga masallaci in bi mazajen da ban samu ba. Asabar a filin gangami, tunda matan duk suna wurin, in karɓi sa hannun da ya rage.

In kuma ayyukan biyu duk sai ke, kuma duk ƙofarsu na rufewa, kar ki yanke hukunci ke kaɗai ki yi shiru. Kira wanda ya ba ki aikin tun ranar farko, ki ce: "Ranka ya daɗe, ga wannan ga wannan, ɗaya zan iya gamawa kafin Asabar, wanne za a fara?" Ki nemi ya rubuto miki amsar a saƙo, don kar gobe a ce ba a faɗa ba. Ranar Laraba ana iya nemo miki mai taimako. Daren Juma'a babu wanda za a samu.

Shugabannin mazaɓu, kowacce ta turo mini adadin rumfunanta da yawan matan da suka riga suka amsa, kafin sallar isha'i gobe in Allah ya kai mu. Wadda ba ta da kuɗin hoto a cikin matan, a faɗa mini ta gefe, ba a cikin zaure ba.

Wassalamu alaikum.