Azabtattun Jimloli: Tabon da Na'urar Sauya Kalmomi Ke Bari a Takardun Kimiyya

Kowane fannin ilimi yana da sunayen da masanansa suka daidaita a kansu, kuma ba a taɓa su. Likita ba ya canza wa cuta suna don ya ƙawata rubutu, injiniya ma haka. Abin da ake kira azabtacciyar jimla shi ne irin wannan suna da aka wargaza, aka maye kowace kalmarsa da wata mai kusancin ma'ana, har ya zama babu masanin fannin da zai furta shi. Misalinsa a Hausa shi ne a ɗauki "jirgin ƙasa", a duba ƙamus a ga jirgi na iya zama kwalekwale, ƙasa kuma turɓaya, sai a rubuta "kwalekwalen turɓaya". Kowace kalma ita kaɗai tana da hujja, amma haɗuwarsu ta kashe ma'anar. Wanda ya san jirgin ƙasa ba zai yi wannan kuskure ba ko yana cikin magagin barci.

Masu bincike uku ne suka raɗa wa abin suna a shekarar 2021: Guillaume Cabanac na Jami'ar Toulouse, da Cyril Labbé na Jami'ar Grenoble Alpes, duka a Faransa, da Alexander Magazinov. Sun lura cewa wasu takardun kimiyyar kwamfuta suna rubuta `counterfeit consciousness`, wato "hankalin jabu", a gurbin `artificial intelligence`, ƙirƙirarriyar basira. Wasu kuma suna rubuta `colossal information` a gurbin `big data`. Da aka faɗaɗa bincike zuwa likitanci, sai ga `bosom peril`, "haɗarin ƙirji", a wurin da ya kamata a ce `breast cancer`, sankarar mama.

Dalilin faruwar haka yana da sauƙin fahimta. Manyan mujallu suna bi da takardun da aka aiko musu ta manhajar gano satar rubutu, irin su iThenticate. Aikin manhajar shi ne neman jerin kalmomin da suka zo bi da bi, daidai da yadda suka zo a wata takardar da aka riga aka buga. Ba ta fahimtar ma'ana. Sarƙar kalmomi kawai take bi. Saboda haka wanda ya kwafi aikin wani yakan zuba rubutun cikin wata manhajar ta daban, irin Spinbot, wadda ke sauya kalmomi da takwarorinsu. Idan aka canza kalma ɗaya cikin kowace uku ko huɗu, sarƙar ta tsinke, mai gadin ƙofa ya ga kamar sabon rubutu ne. Sai dai na'urar ba ta san wace kalma ce za a iya taɓawa ba, wace ce kuma ginshiƙin fanni. Duka take nikawa.

Yana da kyau a bi misali ɗaya daki-daki. Akwai wata dabarar lissafi da Leo Breiman ya bayyana a 2001, mai suna `random forest`. Ana gina "bishiyoyin yanke hukunci" masu yawa, kowace daga wani yanki na bayanai da aka tsinto ba da zaɓi ba, sannan a haɗa amsoshinsu. Tarin bishiyoyin ne ya sa aka kira ta daji. Na'urar sauya kalmomi ta ga `random`, ta ɗauko `irregular`, mara tsari. Ta ga `forest`, ta ɗauko `timberland`, dajin katako. Sakamakon shi ne `irregular timberland`. A wata takardar kuma sai a ga `arbitrary timberland`, domin na'urar takan zaɓi wata takwara dabam. Wannan jujjuyawa ita kanta shaida ce, tunda marubucin da ya yi kuskuren fassara yakan tsaya a kan kuskurensa guda, amma a nan ana iya samun suna ɗaya da fuska biyu ko uku a cikin takarda guda.

Alamar da ta fi tona asiri ita ce ta gajerun haruffa. Masana sukan rubuta cikakken suna, su biyo shi da haruffan farko. Na'urar tana sauya sunan, amma ba ta taɓa haruffan, domin babu su a ƙamus ɗinta. Shi ya sa ake samun `profound neural organization` da haruffan `DNN` a gefensa. Babu yadda za a yi `P`, `N`, `O` su ba da `DNN`. Haruffan suna nuna asalin da aka ɓoye, wato `deep neural network`, kamar lambar mai shanu da ta rage a jikin saniyar da aka sato. Daga nan mai bincike yakan mayar da kalmomin jimlar zuwa asalinsu, ya nema a rumbun takardu, kuma wani lokaci ya ci karo da ainihin takardar da aka kwafa.

Binciken na 2021 ya mayar da hankali kan mujallar Microprocessors and Microsystems ta kamfanin Elsevier, inda aka samu irin waɗannan jimloli da yawa. Masu binciken sun kuma lura cewa lokacin da ake ɗauka tsakanin miƙa takarda da amincewa da ita ya ragu ƙwarai a farkon wannan shekarar, musamman a fitowa ta musamman da ake ɗanƙa wa editocin wucin gadi. Daga bisani kamfanin ya liƙa sanarwar nuna damuwa a kan ɗaruruwan takardu. Abin tashin hankali a nan ya wuce satar rubutu. Kowace takarda an ce masana sun duba ta kafin a buga. Masanin da ya karanta "hankalin jabu" a fanninsa zai tsaya cak a layin. Idan jimlar ta wuce har ɗab'i, to mafi kusa da gaskiya shi ne babu wanda ya karanta takardar da idon basira, kuma ba a san abin da ya wuce tare da ita cikin alƙaluma da jadawali ba.

Cabanac ya gina wani tsari mai suna Problematic Paper Screener, wanda ke ɗauke da jerin irin waɗannan jimloli, yana neman su cikin cikakken rubutun miliyoyin takardu ta rumbun Dimensions. Mutane ne ke tantance abin da ya tsinto, kuma sukan bayyana damuwarsu a dandalin PubPeer don marubuta da editoci su ba da amsa.

Wannan tantancewa ta zama dole domin jimla ɗaya ba ta isa hukunci ba. Mai bincike da Turanci ba harshensa ba ne yana iya rubutawa da harshen gida, ya fassara da na'ura, a samu baƙon suna ba tare da ya saci komai ba. Wani kuma ya biya mai gyaran rubutu, shi ne ya yi ɓarnar. Zargin sata yana iya rusa aikin mutum na shekaru, don haka ana duba yawan jimlolin, da saɓanin gajerun haruffa, da ko an gano asalin da aka kwafa, kafin a ce komai.

Iyaka ta biyu ta fi wannan nauyi. Neman azabtattun jimloli ba ya kama sai rubutun da na'ura mai rauni ta niƙa. Manyan manhajojin rubutu da suka yaɗu tun ƙarshen 2022 suna sake tsara jimla gaba ɗaya, kuma yawanci suna barin sunayen fanni yadda suke. Tabon da suke bari na daban ne, kuma sakacin mai amfani ne ke jawo shi: a 2023 Cabanac ya tsinci kalmomin `Regenerate response`, rubutun wani maɓalli na ChatGPT, a tsakiyar wata takarda da mujallar Physica Scripta ta buga, aka kuma janye takardar daga baya.