Yadda Ake Neman Belin Wanda Aka Tsare Ba a Kai Shi Kotu Ba

Wannan jawabi ne da wani lauya ya yi wa manoma a dandalin ƙauye.

Jama'a, sashe na 35 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce in an kama mutum, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotun da za ta iya jin maganar a tsakanin kilomita 40. In babu, kwana biyu. Wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba.

Ga misali. An kama wani manomi bisa zargin ya sayi akuyar sata. Yau kwanansa tara a caji ofis, ba a gurfanar da shi ba, alhali kotun majistare tana nan kilomita 12 kacal. Lauyansa zai shigar da takardar roƙo a kotu, yana neman a kawo manomin a ba da belinsa, sannan a aika wa 'yan sanda kwafi.

Za a haɗa da takardar rantsuwa. Tunda manomin yana tsare, ƙanensa da ya ga kamun shi ne zai rantse. Zai faɗi ranar kamu, da inda aka ajiye shi, da ranakun da suka nemi beli aka hana. Kada ya rantse a kan jita-jita, domin in rana ɗaya ta saɓa da littafin caji ofis, maganarsa ta yi rauni.

Dalilan lauya uku ne. Na farko, wa'adin doka ya wuce. Na biyu, laifin da ake zargi ba na kisa ba ne, kuma doka tana ɗaukar mutum marar laifi sai kotu ta tabbatar. Na uku, manomin yana da gida da gona da iyali a garin, ba zai gudu ba, kuma ba zai taɓa shaidu ba.

Sai masu tsaya masa. Lauya ya gabatar da mutum biyu: yayarsa mai shago a kasuwa, da wani malamin firamare. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce. Kowannensu zai kawo hoto da katin shaida, kuma kotu tana iya aikawa a duba gidansa. Adireshin ƙarya yakan sa a ƙi mutum nan take.

Mai tsayawa ya san nauyin da ya ɗauka. In alƙali ya yanka naira dubu 100, galibi ba a lokacin ake biya ba, alkawari ne a rubuce. Amma in manomin ya ƙi zuwa kotu, ana iya karɓar kuɗin daga hannun wanda ya tsaya masa.

A ƙarshe, belin caji ofis kyauta ne. Kuma beli ba ya kashe magana: ranar da aka kira, dole a je.