Kafin ka tura kuɗin iPhone, karanta hoton tukuna

Yau maganar waya za mu yi. Wani ya ɗora hoto a sitatus ya rubuta "iPhone 13, tas take", kana Gusau shi yana Kano, kuma so yake ka tura kuɗi kafin ya ba direba. Hoton nan kaɗai gare ka. To bari mu karanta shi.

Fara da kyamarar baya. A iPhone 11 ta 2019 da iPhone 12 ta 2020, idanun kyamara biyu ne, ɗaya a saman ɗaya, cikin ɗan tudu mai kusurwa huɗu. Da aka zo 13 a 2021 sai aka karkace su, ɗaya a sama ta hagu, ɗaya a ƙasa ta dama. Saboda haka in ka ga idanun a jere a tsaye an ce maka 13 ce, magana ta ƙare tun nan. Saura ka raba 11 da 12, wannan kuma gefen wayar ne zai gaya maka: na 11 a lanƙwashe yake kamar sabulun da aka fara wanka da shi, na 12 a miƙe yake ɗoɗar.

To a ce idanun a karkace suke. Kar ka yi saurin murna, domin 13 da 14 da 15 duk haka suke. Ita 15 da sauƙi, ramin cajinta USB-C ne irin na wayoyin Android, kuma gilashin bayanta ba ya ƙyalli. Rigimar tana tsakanin 13 da 14, waɗanda ta baya kamar Hassana da Usaina suke. Nan kala ce ke taimako. Ruwan hoda da kore na 13 ne, shunayya da rawaya na 14 ne. In baƙa ce ko fara ko ja, hoton baya shi kaɗai ba zai raba maka su ba, sai ka nemi hoton gefe.

Gefen nan, wallahi shi mutane suka fi rainawa, kuma shi ya fi tona asiri. In fuskar wayar na kallonka, gidan sim na 11 yana dama, ƙarƙashin maɓallin kunnawa. Daga 12 ya koma hagu, ƙasan maɓallan ƙara. Sannan 14 da aka yi don kasuwar Amurka ba ta da gidan sim kwata-kwata, eSIM kawai take ɗauka. Kun san akwai na hannu da ake kwasowa daga can, don haka ka tabbatar ka ga gidan sim da idonka in layinka na kati ne. Abu guda ka kiyaye: hoton da aka ɗauka a madubi yana juya hagu da dama. Duba tambarin tuffa, gutsuren yana dama ne. In ka gan shi a hagu, hoton a juye yake.

Rubutun baya kuma yana yanke shekaru. Har zuwa XR da XS akwai kalmar iPhone a baya, tambarin yana can sama. Daga 11 aka cire kalmar, tambarin ya sauko tsakiya. Lambar samfuri mai farawa da A, an daina buga ta a baya tun daga iPhone 8.

Yanzu ga inda hoto yake ƙarya. Akwai masu ɗaukar XR, mai kyamara ɗaya tal, su zuba kayan cikinta a jikin 13 Pro. Ta baya idanu uku ne ras, amma biyu ado ne. Yaya za ka gane? Gidan sim yakan zauna a dama inda na XR yake, alhali na 13 Pro na gaskiya yana hagu. Ka ce a kunna ta a ɗauko fuskar: baƙin da ya zagaye allon XR ya fi kauri, tsagar sama ma ta fi ta 13 faɗi. A buɗe kyamara kuma, ba za ka ga 0.5 ba, don XR ba ta da wannan idon.

Don haka hotuna huɗu za ka nema: baya ba riga, gefen dama, gefen hagu, da fuska a kunne. Bayan su sai bidiyo, ba sikirinshot ba, domin sikirinshot ana iya aro shi daga wata wayar. Ya fara nuna bayan wayar, ya juya ta ba tare da yanke bidiyon ba, ya shiga Settings > General > About, ka karanta Model Name da kanka. In ya fara cewa "haba ɗan'uwa, ba ka yarda da ni ba ne?", ka ce ka yarda, bidiyon dai kake jira.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.