Kafin a Shiga Kwale-kwale: Auna Haɗari a Ɗaukar Fim Kan Ruwa

 

A ranar 10 ga Afrilu, 2024, jirgin ruwa ya kife da ma'aikatan wani fim na Kudu a Kogin Neja, ta ɓangaren jihar Anambara. Mutum biyar suka rasu, ciki har da jarumi Junior Pope. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, ba a gaban kyamara abin ya faru ba. A wajen zirga-zirgar ma'aikata ne tsakanin masauki da wurin aiki, kuma akasarinsu ba su sanye da rigar ruwa. Don haka tsarin kariya yana farawa ne daga lokacin da mutum na farko ya taka gaɓa, ba ya ƙarewa sai na ƙarshe ya fito tudu.

Bari mu ɗauki misali. Furodusa zai ɗauki fitowa guda a Madatsar Tiga: saurayi da budurwa cikin kwale-kwale, mai kyamara na bin su a wani jirgin. Aikin farko shi ne zuwa wurin tun kwanaki kafin ranar, a daidai sa'ar da za a yi ɗaukar, tare da sarkin ruwa ko masuntan wurin. Su ne suka san gurbi mai zurfi, da inda kututture ke ɓoye, da lokacin da iska ke tasowa. Abin da suka faɗa shi za a rubuta.

Daga nan sai auna kowane haɗari da ma'auni biyu: yiwuwar faruwarsa daga 1 zuwa 5, da munin sakamakonsa daga 1 zuwa 5, a ninka su. Kifewar kwale-kwale da 'yan wasan da ba su iya iyo ba, yiwuwarta 3, muninta 5, sakamako 15 cikin 25. Da irin wannan maki ba a kunna kyamara.

Yaya za a saukar da shi? Tambayar farko ita ce ko dole ne a shiga zurfi. Sau da yawa idan aka ɗaure kwale-kwalen a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, aka saukar da kyamara ƙasa tana kallon faɗin madatsar, mai kallo zai ɗauka tsakiyar ruwa ne. Wannan ya kawar da mafi yawan haɗarin ba tare da kashe kwabo ba.

Idan labarin ya tilasta shiga zurfi, to kowa ya sa rigar ruwa daidai jikinsa, a ɗaure ta tamau. Ana gwada ta da kama kafaɗunta a ja sama. Idan ta haye kunnuwa, za ta zame a cikin ruwa. 'Yan wasa su sa marar kauri a ƙarƙashin kaya, domin babbar riga da atamfa idan sun jiƙe suna naɗe ƙafa. A lissafa nauyin kaya tamkar mutane: janareta da fitilu da akwatunan kyamara suna iya cinye gurbin mutum biyu ko uku. Kuma ba mai miƙewa tsaye a jirgi don gyara hoto.

Sai jirgin ceto, wanda ba ya ɗaukar kowa sai matuƙi da gwanin iyo, da igiya da abin shawagi na jefawa. Dalilin ajiye shi dab da 'yan wasa shi ne, mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na fitowa yana komawa, numfashi bai ishe shi kira ba, kuma yakan ɓace cikin ƙasa da minti guda. Saboda haka a ware mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai kallon ruwa, a ba shi usur da ikon tsayar da ɗauka, ko da darakta bai so ba.

A gaɓa kuma a tanadi wanda ya koyi farfaɗo da numfashi, domin wanda aka tsamo iska yake buƙata nan take, ba matsar ciki ba. Mota ta fuskanci hanya da direba a kusa, an riga an san asibiti mafi kusa. Ko ya farfaɗo, a kai shi likita ya duba huhunsa. A ƙirga mutane da sunayensu wajen shiga da wajen fita.

Da waɗannan, yiwuwar rasa rai ta sauko zuwa 1, maki ya koma 5. Amma tsarin yana lalacewa ne da yamma, lokacin da rana ke faɗuwa, kowa ya gaji, aka ce a haɗu a jirgi ɗaya a huta da sawu biyu. Shi ya sa ake rubuta sa'ar tashi tun da safe, a karanta wa kowa, furodusa ya sa hannu. Idan sa'ar ta yi, ko hadari ya haɗo, a tashi, sauran fitowar a ɗauke ta gobe.